Yadda Ake Tsara Kasafin Shekarar Farko na Sabon Kamfani Kafin a Je Gaban Mai Zuba Jari

Na taɓa raka wata ƙanwata wurin wani dattijon ɗan kasuwa neman jari. Ta shafe mako guda tana shirya takarda mai launi, da hotunan kaya, da ribar da za a samu nan da shekara uku. Alhaji ya juya shafi biyu, ya ajiye, ya ce, "'Yata, in na ba ki kuɗin nan yau, a wane wata za su ƙare?" Ta ce ai ba za su ƙare ba, ciniki zai riƙa shigowa. Ya yi murmushi, ya sa aka kawo mana lemo, aka koma hirar zumunci. Mun fito ba ko sisi.

Kasafin shekarar farko amsar wannan tambaya ce. Mai kuɗi yana so ya ga abu uku: nawa za a kashe kafin a sayar da komai, wata nawa sauran kuɗin za su riƙe kamfani, kuma kaya nawa za a sayar a wata kafin a daina cin uwar kuɗi. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya da misali guda, wato ƙaramin kamfani a Kano da zai riƙa haɗa garin kunun gyaɗa a leda mai rabin kilo yana kai wa shaguna. Alƙaluman da za ka gani na misali ne domin lissafin ya fito fili. Naka sai ka taka da ƙafarka ka tambayo.

Mataki na farko: kuɗin buɗe ƙofa

Ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da sai an biya shi kafin leda ta farko ta fita. A misalinmu ga yadda suka tsaya. Injin suya, injin niƙa, injin liƙe leda, sikeli da janareto sun ci naira miliyan 4.8. Hayar wuri ta shekara miliyan 1.2, da la'adar dillali dubu 120. Gyaran ɗakin aiki, wato tayil, ragar taga, ruwa da wayarin, miliyan 1. Rajistar kamfani a CAC, rajistar kaya a NAFDAC da gwajin da ake yi wa garin, dubu 500. Zanen tambari da farantin buga leda, dubu 300. Kayan farko da za a zuba a sito, gyaɗa da shinkafa da ledoji, miliyan 1.2. Jimla ta kama miliyan 9 da dubu 120. Sai a ɗora dubu 880 na ko-ta-kwana, ya zama miliyan 10 cif.

Abu biyu ke yawan ɓacewa a nan. Na farko haya. A wurinmu mai gida ba ya karɓar wata-wata, shekara yake so a dunƙule, wani ma biyu. Wanda ya kwafo tsarin kasafi daga intanet zai rubuta dubu 100 kowane wata, alhali miliyan 1.2 ce za ta fita rana ɗaya tun kafin ya karɓi makulli. Na biyu kuɗin da ke biyo inji a baya: dako, sauke shi, mai haɗawa, da wayar da za ta ɗauki ƙarfinsa. Mai sayarwa farashin ƙarfen kawai yake faɗa maka.

Kowane layi ka nemo masa takardar farashi daga wurin mai kaya, da kwanan wata a jiki. Wannan ba ƙawa ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, farashi ya daina zama wuri ɗaya, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Farashin inji na wata shida da suka wuce labari ne kawai. Mai zuba jarin da ya san kasuwa zai ɗaga waya ya tambaya, in ya tarar ka yi ƙasa da gaskiya a layi ɗaya, sauran takardar duka ta zama abin zargi.

Mataki na biyu: raba kashewa gida biyu

Akwai kuɗin da ke bin kaya: in ka yi leda ɗaya su fita, in ba ka yi ba su zauna. Akwai kuma kuɗin tsaye, waɗanda ba ruwansu da ciniki, wata na ƙarewa za su ƙwanƙwasa ƙofa. Duk sauran lissafin a kan wannan rabo yake zaune, don haka kada a yi masa gaggawa.

Kuɗin da ke bin leda ɗaya a misalinmu: gyaɗa da shinkafa naira 950, leda da rabonta na kwali 200, gas da wutar suya da niƙa 100, kai kaya da ladan mai talla 150. Ya zama 1,400. Ana ba mai shago a kan 2,000. Saura 600. Wannan 600 ba riba ba ce tukuna, gudummawar kowace leda ce wajen biyan kuɗin tsaye.

Kada ka fitar da 950 ɗin nan daga ka. Ka je Dawanau ka sayo tiya biyar na gyaɗa, ka auna a sikeli, ka tsince, ka soya, ka murje, ka niƙa, ka sake aunawa. Tsakuwa ta fita, ruɓaɓɓiya ta fita, ɓawo ya tashi, suya ta janye danshi, wani garin ya maƙale a inji. Abin da ya rage shi za ka raba kuɗin a kai. Na ga wanda ya yi lissafi da nauyin ɗanyar gyaɗa, sai bayan wata biyu ya gane kowace leda tana cin fiye da yadda ya rubuta, ga shi ya riga ya sanar da shaguna farashi.

Kuɗin tsaye na wata kuma: albashin mai kamfani dubu 200, ma'aikata uku dubu 80 kowanne, mai gadi dubu 70, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024. Wuta da man janareto na yau da kullum dubu 150, talla dubu 120, gyaran inji dubu 60, sai waya, data, cajin banki da mai duba lissafi dubu 60. Jimla dubu 900.

Na san wani zai ce ya cire albashinsa domin takarda ta yi kyau. Kada ka cire. Kana da cefane, kana da kuɗin makaranta, kuma Alhaji ya san haka. In bai ga albashinka a rubuce ba, ya san daga aljihun kamfani za ka riƙa zara ba tare da an rubuta ba, kuma wannan ya fi tsorata shi a kan dubu 200.

Mataki na uku: inda ba riba ba faɗuwa

Lissafin gajere ne: ka raba kuɗin tsaye da gudummawar leda ɗaya. Dubu 900 a raba da 600 ya ba da leda 1,500 a wata. A nan mutane da yawa ke tsayawa, kuma a nan suke yaudarar kansu, domin haya ba ta ciki, tsufan inji ma ba ya ciki. An biya hayar tun farko, amma ana cinye ta dubu 100 kowane wata. Injinan miliyan 4.8, in aka ƙaddara za su yi shekara biyar, suna zubar da darajar dubu 80 a wata. Idan aka haɗa, kuɗin tsaye na gaskiya miliyan 1 da dubu 80 ne.

```
=ROUNDUP(1080000/(2000-1400),0)
```

Amsa 1,800. Ka rubuta duka biyun a takardarka ka bambanta su: a 1,500 kamfani ya daina neman ciko na wata-wata, a 1,800 ya fara biyan kansa da gaske. Sannan ka sauko da adadin ƙasa inda ido zai iya ganinsa. Leda 1,800 a ranakun aiki 26 kusan leda 70 ce a rana. In kowane shago yana sayar da leda 30 a wata, shaguna 60 kake buƙata. Yanzu tambayar ta zama wadda za a iya amsawa: shaguna nawa ka riga ka yi magana da su, kuma mutum nawa za su zagaya 60 ɗin nan suna kai kaya suna karɓo kuɗi?

Mataki na huɗu: jadawalin wata goma sha biyu

Nan ne zuciyar aikin, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ana rubuta kuɗi a watan da suka shiga hannu ko suka fita, ba a watan da aka yi ciniki ba. Ka buɗe Excel ko Google Sheets, kowane wata da ginshiƙinsa, daga B zuwa M. Layi na 2 kuɗin da suka shigo, na 3 kuɗin da ke bin kaya, na 4 kuɗin tsaye, na 5 manyan biya na lokaci ɗaya, na 6 abin da ya rage a banki. A wata na biyu, layi na 6 zai zama haka, sai ka ja shi har ƙarshe:

```
=B6+C2-C3-C4-C5
```

Mu ƙaddara an tara miliyan 18: mai kamfani ya sa 3, mai zuba jari ya sa 15. An kashe 10 wajen buɗe ƙofa, saura 8. Wata uku na farko ba ciniki, ana gyara ana jiran lambar NAFDAC, ba a ɗauki duka ma'aikata ba, don haka dubu 500 ke fita a wata. A wata na huɗu aka fara da leda 400, ana ƙara 200 kowane wata. Sai sharaɗin da ya fi kowanne nauyi: rabin kayan ana biya nan take, rabin kuwa bashi ne sai bayan kwana 30, domin babban shago ba ya biyan sabon kaya sai ya ga sun tashi daga kanta. Alƙaluman kuɗi a jadawalin nan dubbai ne.

| Wata | Leda | Shiga | Fita | Saura a banki |
|---|---|---|---|---|
| 1 zuwa 3 | 0 | 0 | 1,500 | 6,500 |
| 4 | 400 | 400 | 1,460 | 5,440 |
| 5 | 600 | 1,000 | 1,740 | 4,700 |
| 6 | 800 | 1,400 | 2,020 | 4,080 |
| 7 | 1,000 | 1,800 | 2,300 | 3,580 |
| 8 | 1,200 | 2,200 | 2,580 | 3,200 |
| 9 | 1,400 | 2,600 | 2,860 | 2,940 |
| 10 | 1,600 | 3,000 | 3,140 | 2,800 |
| 11 | 1,800 | 3,400 | 3,420 | 2,780 |
| 12 | 2,000 | 3,800 | 4,900 | 1,680 |

Dubi wata na goma da kyau. An sayar da 1,600, an wuce 1,500 ɗin da muka ce a nan ake daina neman ciko, amma banki ya ragu da dubu 140. Me ya faru? Gudummawar ledojin ta kai dubu 960, ta haura kuɗin tsaye da dubu 60. Sai dai bashin da ke hannun shaguna ya ƙaru da dubu 200 a wannan watan, domin ciniki ya ƙaru. Kai ka biya gyaɗa da kuɗi hannu, su kuwa sun karɓi kaya da alkawari. Wato muddin kamfani yana girma a kan bashi, girman kansa cin kuɗi yake yi. Wannan ne ya sa za ka ga mutum kayansa na tafiya, kowa na yi masa barka, amma ranar albashi yana neman rance.

Sai wata na goma sha biyu. Shi ne wata na farko da abin da ya shigo ya fi kashewar yau da kullum, da dubu 100. A cikinsa kuma mai gida ya aiko a sabunta haya, miliyan 1.2 ta fita. Kasafin da ya manta wannan layi ya yi ƙaryar miliyan guda da ɗoriya, ko da mai shi bai yi niyya ba.

Ka sa kwamfuta ta nemo maka mafi ƙanƙantar adadi a layi na 6:

```
=MIN(B6:M6)
```

A nan miliyan 1 da dubu 680 ne. Ma'anarsa, daga miliyan 18 an nutse har miliyan 16 da dubu 320 kafin a fara tasowa. Wannan zurfin ramin shi ne asalin kuɗin da kamfani ke buƙata, kuma daga shi ake fitar da abin da za a nema, ba daga abin da ake jin Alhaji zai iya bayarwa ba.

Ni na jera ciniki yana hawa sannu a hankali domin misali ya yi sauƙi. Naka ba zai miƙe haka ba. Garin kunu yana tashi da azumi da lokacin sanyi, gyaɗa kuma tana araha da kaka ta yi tsada kafin sabuwa ta fito. Ka sa wa ginshiƙan sunayen watanni na gaskiya, ka duba inda azumi ya faɗo a shekarar. In kana da niyyar sayen gyaɗa da yawa da kaka ka ajiye, dabara ce mai kyau, amma kuɗi ne masu yawa za su fita a wata ɗaya, dole su bayyana a layi na 5.

Mataki na biyar: guzurin wata nawa ne

Turawa suna kwatanta wannan da titin da jirgi ke gudu a kai kafin ya tashi: in titi ya ƙare bai ɗaga ba, shi ke nan. Mu ce masa guzuri. Ana raba abin da ke banki da abin da ke raguwa a wata. A ƙarshen wata na shida akwai miliyan 4 da dubu 80, kuma a watan an ragu da dubu 620, don haka guzurin wata shida da rabi ne. Ka ƙara lissafi na biyu mai ɗaci: in ciniki ya tsaya cak, inji ya lalace ko aka rufe wurin, dubu 900 za su ci gaba da fita, guzurin ya koma wata huɗu da rabi. A ranar buɗe ƙofa kuwa, miliyan 8 za su riƙe kamfani kusan wata goma ko ba a sayar da leda ɗaya ba.

Abin da mai zuba jari ke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da guzuri zai ƙare da ranar da kamfani zai tsaya da ƙafarsa. Kuma wannan adadi ba a lissafa shi sau ɗaya a ajiye. Kowane ƙarshen wata ka buɗe bayanin asusun banki, ka goge hasashe ka sa abin da ya faru. In guzuri ya sauko ƙasa da wata shida kuma ba a kusa 1,500 ba, lokacin neman ƙari ko rage kashewa ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya zo neman jari saura masa albashin wata ɗaya, duk sharaɗin da aka gindaya masa sai ya karɓa.

Mataki na shida: ka girgiza lissafin da kanka

Kafin wani ya yi maka tambayar, ka canza abu ɗaya-ɗaya ka ga abin da zai faru.

In lambar NAFDAC ta yi jinkirin wata biyu, an ƙara kashe miliyan 1 a zaune, ciniki ya ja baya, shekara ta ƙare da dubu 600 a banki. An sha da ƙyar. In ciniki ya maƙale a leda 1,000 daga wata na bakwai, za a riƙa raguwa da dubu 300 kowane wata, bayan an biya haya saura dubu 880, guzurin da bai kai wata uku ba.

Na uku shi ne mai kisa, kuma shi ne wanda ba a cika zato ba. A ce gyaɗa da shinkafa sun tashi daga 950 zuwa 1,150 a kowace leda, ƙarin kusan kashi ɗaya cikin biyar, abin da duk mai zuwa kasuwa ya sha gani. Naira 200 kacal. Amma gudummawar leda ta faɗo daga 600 zuwa 400, kuma 1,800 ɗin nan ta koma 2,700, adadin da ba a kai ba duk shekarar. Ledojin shekara gaba ɗaya 10,800 ne, sau 200 ya zama miliyan 2 da dubu 160, ya fi abin da ya rage a banki. Kuɗi za su ƙare a wata na goma sha biyu, daidai ranar haya.

Da ka ga haka ka san inda kamfanin yake da rauni: ba a talla ba, ba a albashi ba, a farashin gyaɗa. Sai ka rubuta matakin da za ka ɗauka tun yanzu. Ko dai a ƙara farashin leda zuwa 2,200 da zarar kuɗin kayan haɗi ya haura 1,050, ko a sayi gyaɗar wata huɗu da kaka, ko a tara miliyan 20 a maimakon 18. Kowanne da kuɗinsa, ka zaɓa ka faɗi dalili.

Abin da za ka miƙa

Shafi ɗaya a sama, sauran a baya. A shafin farko: ana neman miliyan 15, mai kamfani ya sa 3, miliyan 10 na buɗe ƙofa ne, 8 guzuri, ana sa ran kaiwa leda 1,800 a wata na goma sha ɗaya, mafi ƙarancin abin da zai rage a banki miliyan 1.68 ne a wata na goma sha biyu. Babban haɗari farashin gyaɗa, ga kuma maganinsa. A baya sai jadawalin watanni, jerin zato da ka gina lissafi a kai, da takardun farashi.

Ka shirya wa tambaya ɗaya da takardar ba ta amsa ba: yaushe uwar kuɗi za ta dawo? Daina faɗuwa daban, maido da jari daban. Ko da ciniki ya kai leda 3,000 a wata, abin da zai saura bayan kuɗin tsaye da tanadin haya dubu 800 ne, kuma miliyan 18 a wannan tafiya sai an yi kusan shekara biyu, ban da shekarar farko. Wannan ma in injin da ma'aikata ukun za su iya fitar da 3,000 ba tare da ƙari ba. Ka faɗa masa haka da bakinka. In kuma haɗin gwiwar na musharaka ne, a rubuta tun farko cewa riba ana raba ta yadda aka yi yarjejeniya, asara kuwa gwargwadon jarin kowa, kuma albashinka yana cikin kuɗin tsaye, ba cikin rabon riba ba.

Wasu masu kuɗi za su ce ba za su saki duka a lokaci ɗaya ba. Kada ka ji haushi, jadawalinka ya riga ya nuna inda za a yanka: kason farko ya ɗauki buɗe ƙofa da wata ukun jira, wato miliyan 11.5 har da 3 na mai kamfani, sauran miliyan 6.5 kuma a sake su ranar da lambar NAFDAC ta fito. Abin da za ka tsaya a kai shi ne a rubuta sharaɗin da adadin kwanakin da kuɗin za su shigo bayan an cika shi, domin a wata na huɗu kaɗai miliyan 1 da dubu 460 za su fita, dubu 400 ne kawai za su shigo.